Goga waya da sifika ta NFC: me ya sa sai an buɗe kulle, sai kuma an manna su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina da sifika mai alamar N a samanta. An ce in na goga wayata a wurin za su haɗu da kansu. Wata rana yana yi nan take, wata rana in yi ta gogawa shiru, sai daga baya na lura ba ya yi sai wayar tana buɗe. Haka ma in zan haɗa wayata da ta wani, sai dukkanmu mun buɗe mun kuma manna su. Lalacewa ce ko haka aka yi abin? Kuma me ya sa Bluetooth yake kai ɗaki guda amma wannan sai an manna?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wayarka lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta. Sai dai sharuɗɗan nan biyu ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Kusancin dole ne, yanayin fasahar ne ya tilasta shi, babu wani saiti da za ka canja ya ba ka nisa. Buɗe kullen kuwa doka ce da masu tsara manhajar waya suka sa da gangan, shi ya sa ma za ka ga akwai wuraren da suka ɗage ta. In ka raba waɗannan biyun a kanka, sauran bayanin zai zo da sauƙi.

Da farko ka cire wa ranka cewa NFC, wato fasahar gogawar nan da alamar N take nufi, shi ne yake ɗauko waƙar. Ba shi ba ne. Aikinsa gabatarwa kawai, kamar wanda ya kawo baƙo ƙofar gida ya ce ga wane, ya juya ya tafi. Mafi yawan lokaci yana aika bayanai da gudun kilobit 106 a daƙiƙa, in an matsa 212 ko 424. A gudun farko, hoto guda mai nauyin megabayit 4 sai ya ci kusan minti biyar, ga shi kuma dole ka riƙe na'urorin biyu a manne har ya gama. Ba mai iya wannan. Don haka abin da ke wucewa ta NFC ɗan saƙo ne da bai kai layi biyu na rubutu ba, daga nan Bluetooth ya karɓi aikin. Shi ya sa da zarar ka ji wayar ta yi ɗan motsi za ka iya ɗauke ta, sauti kuma ya ci gaba da fita kana can gefen ɗaki.

Yanzu ga dalilin kusancin.

Bluetooth rediyo ne na sosai. Yana watsa igiyar sigina ta bi iska ta tafi, duk mai eriya a kusa ya tsinta. NFC yana aiki a kan mita 13.56 megahaz, kuma a wannan mitar tsawon igiya ɗaya ya kai kusan mita 22 na awo. Eriyar da ke cikin wayarka kuwa ba ta wuce faɗin 'yan yatsu biyu ko uku ba. Eriya ƙarama haka ba ta iya jefa irin wannan doguwar igiya nesa. Abin da take yi shi ne tada ƙarfin maganaɗisu a kewayenta, nan kusa da jikinta. Ita kanta eriyar kwayil ce, wato siririn zaren tagulla da aka naɗe zagaye-zagaye aka shimfiɗa a ƙarƙashin murfin baya. A jikin sifikarka, daidai ƙarƙashin alamar N ɗin, akwai wani kwayil ɗin da ɗan ƙaramin cif a haɗe da shi. In kwayil biyun suka fuskanci juna, sai su zama kamar ɓangarori biyu na taransifoma: na wayar ya ba da ƙarfi, na sifikar ya karɓa ya mai da shi lantarki. Da wannan lantarkin ɗan cif ɗin yake farkawa. Ba ya bukatar batir. Ko sifikar tana kashe, cif ɗin zai iya amsawa, don wutar wayarka yake sha.

Yadda yake amsawa ma abin lura ne, domin ba shi da ƙarfin watsa komai. Abin da yake yi shi ne ƙara jan wuta da rage jan wuta cikin sauri, bisa tsari. Wayar tana jin wannan canjin nauyi a kan kwayil ɗinta, ta fassara shi zuwa lambobi. Ka ɗauka kana riƙe da igiya, wani yana riƙe da ɗaya bakin yana ɗan fizga yana saki. Muddin igiyar a ɗaure take za ka ji kowace fizga. Da ta yi sako-sako, shi ke nan.

To ƙarfin maganaɗisun nan yana mutuwa da sauri fiye da yadda mutane suke zato. Bari mu yi lissafi da kwayil mai zagaye wanda daga tsakiyarsa zuwa bakinsa santimita 2 ne. In muka ce ƙarfin da ke daidai tsakiyarsa kashi 100 ne, to a nisan santimita 1 saura kusan kashi 72. A santimita 2 saura 35. A santimita 4 saura 9. A santimita 10 bai kai kashi 1 ba. Da ka yi ɗan nisa, duk ninka tazara sau biyu yana rage ƙarfin kusan sau takwas. Kuma asarar sau biyu ake yin ta: a tafiya, wutar da ke isa wurin cif ɗin ta ragu har ta kasa tada shi, a dawowa kuma ɗan fizgarsa ta yi rauni har wayar ta kasa ji. Shi ya sa ko da kwalin na'ura ya ce santimita 10, a hannu abin da za ka samu bai cika wuce 4 ba, kuma ga ƙananan kwayil irin na hedifon sai ka manna sosai.

Wannan gajartar ba aibi ba ce a wurin waɗanda suka tsara abin. Ita ce ma hajar da suke sayarwa. Sa'ad da Nokia da Philips da Sony suka kafa NFC Forum a 2004, abin da ake nema shi ne hanyar da mutum zai nuna wa na'ura abin da yake nufi ba tare da ya zaɓa daga dogon jeri ba. Ka tuna yadda haɗin Bluetooth na gargajiya yake: ka shiga saiti, ka jira bincike, sunaye goma su fito, uku iri ɗaya, ka danna ɗaya kana fatan ba ta maƙwabci ba ce. Da gogawa babu wannan ruɗanin. Na'urar da ka taɓa ita kake nufi, tunda babu wata da za ta iya amsawa daga santimita huɗu sai ita.

Bari mu bi abin da ke faruwa daki-daki a ranar da ya yi maka aiki, da wayar Android da sifikarka. Wayar tana buɗe, allo yana kunne. Cif ɗin NFC na wayar yana ta ɗan leƙe, yana kunna ƙarfinsa na ƙiftawar ido yana kashewa, sau da yawa a cikin daƙiƙa, don ya ji ko wani abu ya matso. Ka kawo bayan wayar kan alamar N. Sai ya ji nauyi ya canja, ya kunna cikakken ƙarfi, ya ɗan dakata na kusan milisakan 5 don cif ɗin sifikar ya sha wuta ya farka, sannan ya yi kira. Cif ɗin ya amsa da lambarsa. Wayar ta ce ba ni abin da ke cikinka, shi kuma ya miƙo saƙo a tsarin da ake kira NDEF. A kan saƙon akwai lakabin da ke faɗin irinsa:

```
application/vnd.bluetooth.ep.oob
```

Da wayar ta ga wannan lakabin ta san ba adireshin intanet ba ne, ba kuma katin biyan kuɗi ba ne, takardar gabatarwa ce ta na'urar Bluetooth. Abin da ke ciki ɗan kaɗan ne. Ga misali da na ƙirƙira, na sifika mai suna Sifika da adireshi `00:11:22:33:44:55`:

```
10 00
55 44 33 22 11 00
07 09 53 69 66 69 6B 61
```

Layin farko yana cewa tsawon saƙon duka bayit 16 ne, domin a tsarin ƙirga na hex aka rubuta lambobin, inda 10 ke nufin 16. Layi na biyu adireshin Bluetooth ne mai bayit 6, an rubuta shi daga baya zuwa gaba. Layi na uku sunan na'urar ne: lambar farko yawan bayit ɗin da ke biye da ita, ta biyu alama ce cewa suna ne ke biye, sauran shidan kuma haruffan sunan. Na'urori na gaske sukan ƙara da irin na'urar da ayyukan da take yi, amma jigon ke nan. Aikin NFC ya ƙare a nan, kuma duk bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Ɗan motsi ko ƙarar da wayar take yi a lokacin yana nufin an karanta saƙon ne kawai, ba wai an haɗu ba.

Daga nan wayar ta kunna Bluetooth in yana kashe, ta tambaye ka a allo ko ka yarda a haɗa in karon farko ne, sannan ta kira wannan adireshin kai tsaye ba tare da bincike ba. Su biyun su ƙirƙiri makulli na sirri su ajiye, sauti ya fara fita. A wayoyi da dama, in ka sake gogawa alhali suna haɗe, raba su take yi. Na sha ganin mutum ya goga, bai ji komai ba cikin daƙiƙa biyu, ya sake gogawa, ashe haɗin ya riga ya kama, gogawa ta biyun ce ta yanke shi. Sai ya ce abin ba ya aiki. Goga sau ɗaya, ka ji motsin, ka ba shi daƙiƙa biyar zuwa goma.

Sai batun kulle, kuma nan ne nake so ka fi mai da hankali.

A Android, neman cif irin wannan yana tsayawa ne da zarar allo ya mutu ko wayar ta kulle. Ana yawan cewa don batir ne. Akwai gaskiya a ciki, tunda na'urar da ke karantawa ita ke ba da wuta, amma a ganina wannan ƙaramin dalili ne, domin leƙen da cif ɗin ke yi ba ya cin wuta sosai. Babban dalilin shi ne kusanci yana tabbatar da abu ɗaya ne kawai: wace na'ura. Ba ya tabbatar da wane mutum. Wayar da ke aljihunka a cikin cunkoso tana kusa da jakar wani, da hannun wani, da duk abin da wani ya ga damar mannawa a jikinka. Rigarka ba ta tare maganaɗisu, kaurinta kuma bai kai santimita ɗaya ba.

Yanzu ka sake duba saƙon can na sama. Babu sa hannu a ciki, babu wata shaida. Cif ɗin da ake iya rubuta wa irin wannan saƙon ɗan siriri ne kamar sitika, kuma kowa yana iya rubuta kowane adireshi da kowane suna a ciki. Mutum zai iya sa masa suna Sifika alhali adireshin na wata na'ura ce da ke gabatar da kanta a matsayin kibod. Kibod kuwa in ya haɗu da waya yana iya danna abin da ya ga dama. Ko kuma hedifon ne da zai karɓe maka kira. Da a ce waya tana karɓar irin wannan gabatarwa a kulle, da taɓa aljihu kawai ya isa. Buɗe kullen shi ne shaidar cewa mai wayar yana nan, ya sa zanen yatsansa ko lambarsa, idonsa kuma yana kan allo lokacin da tambayar amincewa za ta fito. Kusanci ya ce wannan na'urar, buɗe kulle ya ce ni ne na so. Su biyun a haɗe suke maye gurbin lambar sirrin da ake bugawa a haɗin Bluetooth na da.

A nan akwai ɗan gyara da zan yi wa maganar da ake yi cewa sai na'urorin biyu suna buɗe. Ga sifika ba haka ba ne, ita ba ta da kulle ma. Abin da ake bukata daga gare ta shi ne Bluetooth ɗinta ya kasance a shirye ya amsa kira. Wasu sifikoki da hedifon an haɗa cif ɗinsu da ƙwaƙwalwar na'urar ta yadda in ya ji ƙarfin waya sai ya tashe ta, ta kunna kanta ta shiga yanayin haɗawa. Wasu kuma cif ɗin sitika ce kawai da aka liƙa daga ciki, ba ta san ma an karanta ta ba. Irin waɗannan sai ka kunna su da hannu tukuna.

Inda maganar take daidai ɗari bisa ɗari shi ne waya da waya. Nan babu wani daskararren saƙo da ke zaune yana jiran a karanta. Kowace waya sai ta ƙirƙiri nata a lokacin: ɗaya ta ce ina da Bluetooth da Wi-Fi, wanne kike so, ɗayar ta zaɓa ta ba da adireshinta. A irin wannan musayar ana iya haɗawa da lambobin sirri sababbi, waɗanda ke sa ya yi wuya wani ya kutsa tsakani lokacin da Bluetooth ɗin ke ƙulla makulli, abin da sitika mai daskararren saƙo ba ta iya yi. Kuma kowane ɓangare yana da abin da zai rasa: mai aikawa kada a zare masa bayanai bai sani ba, mai karɓa kada a cusa masa abin da bai nema ba. Shi ya sa Android Beam, hanyar tura bayanai daga waya zuwa waya ta hanyar manna su, wanda ya zo da Android 4.0 a 2011 aka kuma fara janye shi a Android 10 a 2019, a zamaninsa ba ya aiki sai wayoyin biyu suna buɗe, sannan mai aikawa ya taɓa allo. NameDrop na iPhone, hanyar musayar suna da lambar waya da ta zo da iOS 17 a 2023, shi ma a kan wannan tunanin yake: a haɗa kawunan wayoyin biyu, amma ba abin da ke fita sai mai wayar ya zaɓi `Share` ko `Receive Only`, kuma in ka kulle wayar ko ka janye ta kafin a gama, musayar ta tsaya.

Hujjar cewa kullen doka ce ba tilas na fasaha ba ita ce katin shiga jirgin ƙasa ko bas da ake sa wa a iPhone. Akwai yanayin da Apple ke kira `Express Mode`, wanda waya ke amsa wa mashigar tasha tana kulle, a wasu samfuran ma har bayan batir ya yi ƙasa wayar ta mutu, na 'yan awoyi. A nan wayar ce take zama kati, mashigar ce mai ba da wuta, kuma an auna an ga saurin wucewa ya fi ɗan haɗarin da ke ciki. An ɗage dokar kulle, amma kusancin yana nan daram, don shi ba mai iya ɗage shi.

Kada kuma ka ɗauka kusancin garkuwa ce da ba ta huda. NFC ba ya ɓoye abin da yake aikawa. Mai babbar eriya da kayan aiki yana iya sauraren musayar daga nesa fiye da santimitocin nan, duk da ba zai iya tada cif daga can cikin sauƙi ba. Ga sifikarka ba abin damuwa ba ne, adireshi da suna ne kawai a ciki. Amma wannan ma wani dalili ne da ya sa ba a dogara da kusanci shi kaɗai ba.

Ranar da ya ƙi, ka fara da tambaya ɗaya: wayar ta yi motsi ko ƙara, ko kuwa shiru? Wannan yana raba matsalar gida biyu.

In shiru ne, saƙon bai wuce ba, matsalar tana ɓangaren NFC. Duba cewa kana ganin ainihin fuskar wayar da manhajojinta, ba allon kulle mai agogo ba, domin allo ya kunna daban, kulle ya buɗe daban. Duba `NFC` a `Settings` yana kunne. Sannan ka nemi inda kwayil ɗin wayarka yake, don wannan ne ya fi kayar da mutane. A wasu wayoyin yana tsakiyar baya, a wasu yana sama kusa da kyamara, kuma kaucewar santimita biyu gefe ta isa ta ɓata komai. Hanya mai sauƙi: ɗora bayan wayar kan alamar N, ka ja ta a hankali daga sama zuwa ƙasa, kana ɗan tsayawa daƙiƙa ɗaya a kowane wuri. Inda ta yi motsi, ka riƙe wurin a kanka. Kalmar gogawa ma tana yaudara, saurin wucewa yana yanke wa cif wuta kafin ya gama magana. Ɗorawa ake yi a tsaya.

Sai rigar wayar. Roba siririya ba ta hana komai, mai kauri kuma tana cinye maka tazarar da dama ba ta da yawa. Ƙarfe shi ne babban abokin gaba: ƙarfin maganaɗisun yana tada lantarki mai zagayawa a cikinsa, wanda ke danne shi. Wani ya taɓa kawo min waya yana rantsuwa NFC ɗinta ya mutu. Na zare rigar, sai ga ɗan faifan ƙarfe na maƙala waya a mota manne daidai kan kwayil ɗin. Muka ɗora wayar tsirara a kan sifika, nan take ta amsa. Haka ma wanda ke cusa katin banki irin na biya da taɓawa a bayan rigar waya: katin ma NFC ne, ya fi kusa da kwayil, sai wayar ta yi ta karanta shi ta bar sifikar. Alamarsa ita ce wayar ta riƙa yin motsi duk lokacin da ka buɗe kulle, ba ka taɓa komai ba.

In kuwa ta yi motsi amma haɗin bai kama ba, daina zargin NFC, ya sauke nauyinsa. Ko sifikar a kashe take, ko tana haɗe da wata wayar ta ƙi amsa kira na biyu, ko kuma tambayar amincewa ta fito a allo ba ka danna ba har lokacinta ya wuce. Akwai kuma wanda ya fi wahalar ganewa: an taɓa haɗa su, daga baya aka mai da sifikar yadda ta fito daga kamfani, ta manta makullin, wayar kuwa tana riƙe da tsohon. Sai wayar ta yi ta kira da makullin da ɗayar ba ta sani ba. Maganinsa ka shiga jerin na'urorin Bluetooth, ka zaɓi sifikar, ka danna `Forget` ko `Unpair`, ka sake ɗorawa.

Ba ka faɗi irin wayarka ba, amma tunda wata rana yana yi, Android ce. Na faɗa ne don abokinka mai iPhone kada ya wahalar da kansa. iPhone tana da NFC, kuma tun samfuran XS da XR na 2018 tana karanta sitika ba tare da buɗe wata manhaja ba, amma ba ta amfani da saƙon nan na `application/vnd.bluetooth.ep.oob` wajen haɗa sifika ko hedifon. Shi sai ya kunna yanayin haɗawa a jikin sifikar, ya shiga `Settings`, ya zaɓe ta daga jerin Bluetooth.